Yadda Ake Shirya Wa Ranar da Majigi Ko Laftof Ya Ƙi Aiki: Kwafin PDF da Gajeren Jawabi

Na yi shekaru ina taya ɗalibai haɗa laftof da majigi ranar semina da ranar difens a nan Zariya, daga ɓangaren Samaru har Kongo. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani ƙanin abokina ne da ya yi bincike a kan ajiyar masara. An ba shi minti 20, ya shirya shafi 24, ya haddace su kamar Fatiha. Yana shafi na huɗu aka ɗauke wuta. Kafin a tada janareto, kafin fitilar majigin ta huce ta yarda ta sake kamawa, minti goma sha biyu sun wuce. Shugaban zaman ya dubi agogo ya ce, "Malam, ka ba mu a minti bakwai." Yaron ya koma shafi na biyar ya ci gaba da bayanin tarihin matsala, yana zuba sauri kamar mai gudun ruwan sama, lokaci ya ƙare bai kai ga sakamakon bincikensa ba. Aikin shekara biyu, ba wanda ya ga ko teburi ɗaya daga ciki.

Fayil ɗinsa lafiya lau yake, laftof ɗinsa ma haka. Abin da ya rasa shi ne jawabin da zai shiga minti bakwai. Shi ya sa abin da zan nuna maka ya kasu uku: kwafin da zai buɗe a kwamfutar kowa, gajeren jawabi idan lokaci ya tsuke, da takarda a hannu idan allon ya mutu gaba ɗaya.

Kayan da za ka tanada

- Filash guda biyu. Ba sai manya ba, mai 4GB ma ya wadatar. Ɗaya a aljihu, ɗaya a jaka.
- Wayar HDMI taka ta kanka, mai ɗan tsawo.
- Adafta daga HDMI zuwa VGA. Idan laftof ɗinka ramin USB-C kawai gare shi, sai ka ƙara da adafta daga USB-C zuwa HDMI.
- Cajar laftof da ekstenshan mai baki uku ko huɗu.
- Wayarka ta hannu da caji cike.
- Takardun da za ka buga, da maka biyu na rubutu a farin allo.
- Agogo ko ma'aunin lokaci na waya don gwaji.

Maganar adafta tana son ƙarin bayani. Tsofaffin majigai da yawa ramin VGA gare su, wato shuɗin nan mai ƙananan huji 15, sababbin laftof kuwa sun daina zuwa da shi. Adaftar hanya ɗaya take bi: wadda ke ɗaukar hoto daga HDMI na laftof ta kai wa VGA na majigi daban take da wadda ke yin akasin haka. Idan ka je shagunan kayan kwamfuta na PZ ko Sabon Gari, tafi da laftof ɗin, ka ce wa mai shago ya jona ta a allon kwamfuta ka gani da idonka kafin ka biya. VGA kuma ba ya ɗaukar sauti, don haka in akwai abin saurare a jawabinka, ka tanadi ƙaramar sifika.

Mataki na 1: Ka gama babban fayil, ka rufe shi

Kada ka fara yin kwafi alhali kana gyara. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fitar da PDF ranar Litinin, malaminsa ya sa shi canza teburi ranar Laraba, ranar Alhamis kuma ya buɗe tsohon a gaban mutane. Ka saka wa kanka ƙa'ida: kwana biyu kafin ranar, an rufe gyara. In dole ta sa ka taɓa wani abu bayan nan, to ka sake fitar da komai daga farko ka goge tsofaffin.

Ka sa lamba a kowane shafi ta `Insert > Slide Number`. Za ka ga amfaninta a gaba.

Mataki na 2: Ka gyara abin da PDF ba ya iyawa

PDF hoton shafi ne a tsaye. Amfaninsa ke nan: haruffa ba sa canzawa, teburi ba ya zamewa, kuma kusan kowace kwamfuta tana buɗe shi ko da babu PowerPoint a kanta, tunda Edge da Chrome duk suna karanta shi. Wanda ya taɓa rubuta taken aikinsa da Hausa ya buɗe a kwamfutar wani ya tarar ƙ da ɗ da ɓ sun koma 'yan akwatuna ko sun fita daban da sauran haruffa, ya san abin da nake nufi. PDF yana tafiya da samfurin haruffansa a cikinsa, wannan matsalar ba ta taso masa.

Amma tsayuwar tasa tana da tsada. Duk motsin da ka sa, rubutu ya shigo layi-layi ko hoto ya ɓace wani ya maye gurbinsa, PDF zai zube su gaba ɗaya a shafi ɗaya. Idan ka ɗora hoto uku a wuri guda don su riƙa fitowa bi da bi, na saman kaɗai za a gani, ko kuma su cakuɗe. Bidiyo kuwa hoto ɗaya zai zama, ba ya motsi.

Don haka ka yi `Save As` ka ba fayil ɗin sabon suna, ka yi aiki a kan wannan kwafin. Ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya:

Inda abubuwa suka hau kan juna, ka danna dama a kan shafin ka zaɓi `Duplicate Slide`, ka raba su. Hoto uku, shafi uku. Idan kana wuce su da sauri, mai kallo zai ga kamar motsin ne. Sai dai ka lura, wannan zai ƙara yawan shafuka, lambobinsu su bambanta da na babban fayil. Ni abin da nake yi, idan na ga haka, sai in mai da wannan kwafin marar motsi ya zama shi ne babban fayil ɗin ma, in huta da lissafi biyu. A gaskiya ban taɓa ganin malamin da ya ƙara wa ɗalibi maki don rubutunsa ya shigo yana juyi ba.

Inda akwai bidiyo, ka ɗauki hoto biyu ko uku daga wuraren da suka fi muhimmanci ka jera su a shafin, sannan ka ajiye bidiyon daban a filash a matsayin MP4.

Idan hotunan da ka ɗauka da waya sun sa fayil ya yi nauyi, ka danna hoto ɗaya, ka shiga `Picture Format > Compress Pictures`, ka cire alamar `Apply only to this picture`, ka zaɓi 150 ppi. Wannan ya ishi majigi. Dalilin rage nauyin shi ne ranar da za ka tura fayil ta waya a ɗakin da sabis ke sanda ɗaya. Gmail ma ba ya karɓar abin da ya wuce 25MB a maƙale da saƙo.

Mataki na 3: Ka fitar da PDF, ka duba shi

A PowerPoint na Windows, hanyar ita ce `File > Export > Create PDF/XPS Document`. Kafin ka danna `Publish`, ka shiga `Options` ka tabbata `Publish what` yana kan `Slides`. Idan kana da shafukan da ka ɓoye don amsa tambayoyi, ba za su fito ba sai ka sa alama a `Include hidden slides`. Mai amfani da Google Slides zai bi `File > Download > PDF Document`, mai LibreOffice Impress kuma `File > Export As > Export as PDF`.

Fitarwa ba ita ce gamawa ba. Ka buɗe PDF ɗin ka wuce kowane shafi da idonka, musamman masu lissafi da jadawali. Sannan ka koyi yadda ake cika allo da shi, don kada ka tsaya kana lalube a gaban jama'a. A Adobe Acrobat Reader `Ctrl+L` ne, fita kuma `Esc`. A Edge da Chrome `F11` ne, sai ka daidaita shafin ya cika allo. Kada ka danna `Ctrl+L` a cikin waɗannan biyun, wurin rubuta adireshi zai kai ka. Wasu laftof ɗin sai ka haɗa da `Fn` kafin `F11` ya yi aiki.

Abu ɗaya da za ka rasa a PDF shi ne bayananka na ƙasan shafi, waɗanda `Presenter View` ke nuna maka kai kaɗai. In ka saba leƙa su, ka buga su a takarda. Za mu zo kan haka.

Mataki na 4: Ka gina gajeren jawabin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin kasala. Suna cewa, "In lokaci ya ƙure zan riƙa tsallakewa." Ba za ka iya ba. Mutumin da gabansa ke faɗuwa, idon malamai goma a kansa, ba ya iya zaɓen abin da zai bari. Zai fara daga farko ne ya ƙara sauri, kamar yadda yaron nan ya yi.

Ka auna gajeren a kan kashi ɗaya bisa uku na lokacinka. Minti 20 ya koma 7, minti 15 ya koma 5. Kuma ba daga shafi na ɗaya ake fara zaɓe ba, daga sakamako ake farawa a dawo baya. Ka tambayi kanka: in aka ce abu uku kawai zan nuna wa mutanen nan, waɗanne ne? Su ne ginshiƙi. Duk shafin da zai shiga bayan su, sai in ba za a fahimce su ba sai da shi.

Ga yadda muka yi da shafuka 24 na mai masarar, da aka sake ba shi rana. Asalin tsarinsa shi ne: take ɗaya, gabatarwa da matsala huɗu, manufofi ɗaya, bitar ayyukan magabata biyar, hanyar bincike huɗu, sakamako shida, kammalawa da shawarwari biyu, godiya ɗaya.

Daga sakamako shida muka ɗauki uku: jadawalin da ke kwatanta ɓarnar ƙwari a buhun da aka saba da shi da buhu mai hana iska shiga, teburin damshin hatsin, da lissafin kuɗin kowace hanya. Sauran ukun ƙarin bayani ne a kan waɗannan. Kowane ɗaya muka ba shi minti ɗaya, uku ke nan. Hanyar bincike huɗu muka matse su a shafi ɗaya sabo: ina aka yi, buhu nawa, wata nawa, me aka auna. Minti ɗaya. Gabatarwa huɗu da manufofi suka koma shafi biyu, minti ɗaya da rabi. Bitar magabata ta fita gaba ɗaya, sai jimla ɗaya da zai faɗa da baki a kan giɓin da aikinsa ya cike. Ya yi gardama a nan, don ya sha wahalar karatun, amma malaman suna da kundin a gabansu, babi na biyu yana ciki. Kammalawa shafi ɗaya, minti ɗaya. Take, daƙiƙa talatin, har da gaisuwa. Shafi takwas, minti bakwai.

Gaisuwar nan ka kula da ita. Mun saba a jero shugaban zama, shugaban sashe, malamai, baƙi, kowa da muƙaminsa, kuma hakan ladabi ne. Amma a minti bakwai tana iya cin ɗaya. Ka shirya gajeruwa mai mutunci: shugaban zama, malamaina, jama'a, sallama, ka shiga aiki.

Gargaɗi biyu. Na farko, kada ka cusa rubutun shafi huɗu a ɗaya ta hanyar ƙanƙanta haruffa. In rubutu ya yi ƙasa da girma 24, na bayan ɗaki ba ya gani, balle a ɗakin da hasken rana ke shigowa ta taga babu labule. Yankewa ake yi. Na biyu, idan ka cire shafi, ka duba maganar da ke haɗa na gabansa da na bayansa. "Kamar yadda muka gani a teburin baya" ba ta da ma'ana in teburin ya fita.

PowerPoint yana da `Slide Show > Custom Slide Show` da ke ba ka damar zaɓen wasu shafuka daga babban fayil. Yana aiki, amma ban dogara da shi ba, don yana cikin fayil ɗin da muke tsoron ya ƙi buɗewa, kuma bai san da sababbin shafukan da ka matse ba sai ka saka su a ciki. Ka yi gajeren a fayil nasa daban, ka fitar masa da PDF nasa. Shafukan da ka cire ka jera su a bayan shafin ƙarshe, saboda tambayoyi. Idan aka tambaye ka abin da ke shafi na 14 na wannan gajeren fayil, a PowerPoint, kana cikin nunawa, sai ka rubuta `14` ka danna `Enter`, ya kai ka kai tsaye.

Sannan ka gwada da agogo, a tsaye, da murya a sama, aƙalla sau uku. Karatun zuci ya fi na baki sauri, zai yaudare ka. In ka wuce minti bakwai, ka ƙara yanka, kada ka ƙara sauri.

Mataki na 5: Takarda, don ranar da babu allo

Iri biyu za ka buga. Naka: `File > Print`, ka zaɓi `Notes Pages` in kana da bayanai a ƙasa, ko shafi shida a takarda ɗaya in ba ka da su. Na malamai: gajeren jawabin, shafi biyu a kowace takarda, don lambobin cikin teburi su karantu. Shafi takwas takarda huɗu ke nan, ko biyu in an buga gaba da baya. Ka yi wa kowane mai zama a teburin gaba ɗaya, da ƙarin biyu.

Ka tuna bugun baƙi da fari za a yi maka. Jadawalin da ka bambanta layukansa da ja da kore, a takarda duk toka-toka za su fito. Ka sa ɗaya ya zama layi mai yanke-yanke, ko ka rubuta sunan kowanne a jikinsa. Ka buga takarda ɗaya ka duba kafin ka ce a yi goma.

In kuɗin bugu ya gagara, ka buga teburan sakamako kawai, sauran ka faɗa da baki. In ɗakin yana da farin allo, ka koyi zana babban jadawalinka da maka cikin rabin minti. Idan kuma jama'a suna da yawa, ka tura PDF ɗin a zauren WhatsApp na ajinku kowa ya bi a wayarsa. Ka tura shi a matsayin `Document`, kada ka ɗauki hotunan shafuka ka tura, ingancinsu raguwa yake yi. Nan lambar shafi take aiki: "Mu duba shafi na biyar," kowa ya juya.

Mataki na 6: Suna da wurin ajiya

Fayil huɗu gare ka yanzu. Ka ba su sunan da ko wani ne zai buɗe maka ba zai ruɗe ba:

```
1_CIKAKKE.pptx
2_CIKAKKE.pdf
3_GAJERE.pptx
4_GAJERE.pdf
```

Ka zuba su a fuskar laftof, da filash biyun, da cikin wayarka, ka kuma tura wa kanka ta imel. Na wayar ka sauke shi ya zauna a ciki, ka kashe data ka gwada buɗewa. Ka ba abokin da zai zo da nasa laftof ɗin kwafi tun daren, ya buɗe ya gani.

Filashin da ka kai shagon bugu kada ya zama shi ne na ranar. Kwamfutocin da kowa ke soka wa filash suna yawan ɗauke da bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar maka 'yan gajerun hanyoyi masu kibiya a gefe. In ka ga haka kada ka danna su, dannawar ce ke kunna shi. Yawanci fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. A kwamfuta mai maganin bairos, ka bincike filashin, sannan ka buɗe `Command Prompt` ka rubuta wannan, ka canza `E` da harafin filashinka:

```
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
```

Amma wannan aikin gida ne. A ɗakin semina, ka zaro ɗaya filashin kawai.

Mataki na 7: Ranar, da abin da za ka yi in abu ya tsaya

Ka isa minti talatin ko fiye kafin lokaci, laftof cike da caji. Ka kunna majigi, ka jona waya, ka jira. In ya rubuta `No Signal`, ka fara da maɓallin `Source` ko `Input` na jikin majigin, ka zaɓi ramin da ka soka wayar. Sau da yawa matsalar ke nan. In bai yi ba, ka danna `Windows+P` ka zaɓi `Duplicate`. Idan kana ganin hoton bangon kwamfutarka a allo amma babu shafukanka, yana kan `Extend` ne, `Duplicate` zai gyara. In hoton ya koma ruwan hoda ko rawaya, wayar VGA ce ba ta zauna ba ko wani tsinke ya lanƙwashe, ka ɗaure kusoshinta biyu ko ka canza ta. In tsohon majigi ya ƙi karɓar hoton sam, ka sauke `Display resolution` zuwa 1024 x 768. Shafukanka masu faɗi za su fito da baƙin layi sama da ƙasa, ba komai, suna karantuwa.

Idan kuma a tsakiyar magana abin ya faru, ka ba gyara minti biyu, kada ka ƙara. Kuma ba kai za ka durƙusa kana jan waya ba, abokinka ne, kun riga kun yi wannan maganar. Kai kana tsaye, fuskarka ga jama'a.

Laftof ya daskare ko ya mutu: a jona na abokinka, a buɗe `2_CIKAKKE.pdf`, ka ci gaba daga lambar shafin da ka tsaya.

Wuta ta ɗauke: majigi mai fitila ba ya dawowa nan take ko da an tada janareto, sai ya huce. Kada a yi ta danna maɓallinsa ana kashewa ana kunnawa. Ka ɗauki takardunka ka ce, "Ranka ya daɗe, in an ba ni izini zan ci gaba da takardun da ke gabanku, muna shafi na huɗu." Ban taɓa ganin shugaban zaman da ya ƙi ba. In hoto ya dawo, abokinka ya kai allon inda bakinka yake, kada ka koma baya.

An ci lokaci: ka tambayi shugaban zaman minti nawa suka rage maka. In ya ce goma ko ƙasa da haka, a rufe cikakken a buɗe `4_GAJERE.pdf`. Idan ka riga ka yi gabatarwa kafin tsayawar, kada ka maimaita ta, ka faɗa shafi na huɗu na gajeren, wato hanyar bincike, daga nan sai teburin farko na sakamako.